Fitar da harafin jarrabawa a Excel: SI cikin SI ko SI.CONDITIONS?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu a Sabon Gari, nan Damagaram. Wata makarantar kuɗi ta ba ni aikin sakamakon ɗalibanta, maki bisa 20: daga 16 zuwa sama A, daga 14 B, daga 12 C, daga 10 D, ƙasa da 10 kuma F. Yaron shagona ya haɗa mini fomula da SI, amma duk wanda ya ci sai ta ba shi D, har mai 18. An ce akwai wata wai ita IFS da ta fi sauƙi. Wacce zan kama don kar aikin ya kuɓuce mini?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ban ga takardar ba, amma daga alamar da ka faɗa, yaronka ya fara jera sharuɗɗan ne daga ƙasa. SI, wadda a Excel na Ingilishi ake rubutawa IF, tambaya ɗaya take yi, kuma da zarar ta samu "eh" ta ba da amsa ta tsaya. Idan tambayar farko ita ce ko maki ya kai 10, to mai 18 ma ya kai 10, sai ta miƙa masa D ba tare da ta leƙa sauran tambayoyin ba. Gyaran shi ne a fara daga maki mafi girma a gangaro. A ce makin ɗalibi na farko yana gidan C2, ka rubuta wannan a D2:

```
=SI(C2>=16;"A";SI(C2>=14;"B";SI(C2>=12;"C";SI(C2>=10;"D";"F"))))
```

Mu bi ta da ɗaliba mai 13,5. Ta kai 16? A'a, sai a shiga SI ta biyu. Ta kai 14? A'a. Ta kai 12? Eh, an ba ta C, magana ta ƙare. Ba a buƙaci a ce "tsakanin 12 da 14" ba, domin duk wanda ya iso tambaya ta uku an riga an tabbatar bai kai 14 ba. F ɗin ƙarshe kuwa ba ta da sharaɗi, rabon wanda ya faɗi duk tambayoyi huɗun ne. Ka lura da alamar >= da kyau. Idan aka sa > kaɗai, yaron da ya samu 10 cif zai koma F, alhali shi ne aka ce ya ci. Ka kuma ƙirga baka: SI huɗu ka buɗe, baka huɗu za ka rufe a ƙarshe. Idan ta zauna daidai a D2, sai ka ja ta ƙasa har ɗalibi na ƙarshe.

IFS da aka gaya maka, sunanta SI.CONDITIONS a Excel na Faransanci, wanda shi ne a yawancin kwamfutocinmu na Nijar. Aiki ɗaya suke yi, sai dai ita sharaɗi da amsarsa ake jerawa biyu-biyu cikin baka ɗaya:

```
=SI.CONDITIONS(C2>=16;"A";C2>=14;"B";C2>=12;"C";C2>=10;"D";VRAI;"F")
```

Idan Excel ɗinka na Ingilishi ne, sunan ya koma IFS, VRAI ta koma TRUE, kuma galibi waƙafi ake sawa a maimakon waƙafi mai ruwa. Wannan ta fi daɗin karantawa, kuma ranar da darakta ya ce a ƙara E tsakanin 8 da 10, C2>=8;"E" kawai za ka cusa kafin VRAI. Amma ita ma daga sama take karantowa ta tsaya a "eh" na farko, don haka idan yaronka ya jera ta daga ƙasa, D ɗin nan za ta sake fitowa. Kar kuma a manta da VRAI;"F". SI.CONDITIONS ba ta da gurbin "in ba haka ba", idan babu sharaɗin da ya cika sai ta rubuta #N/A, ka ga duk waɗanda suka faɗi sun fito da wannan alama.

Abin da ya fi damuna a aikinka wani ne dabam, kuma fomulolin biyu duk suna da shi. #N/A ko makaho ya shafa ya san akwai matsala. Kuskuren da ke cin mutuncin shago shi ne wanda ke fitowa da kamar gaskiya. Idan gidan maki babu komai, Excel na ɗaukarsa sifili, sai ɗalibin da malami ya manta bai sa makinsa ba ya samu F. Mafi muni, idan an rubuta ABS wa wanda bai zo jarrabawa ba, Excel na ɗaukar kowane rubutu ya fi kowace lamba girma, saboda haka tambayar "ya kai 16?" ta zama eh, wanda bai zauna ba ya tashi da A. Haka ma idan mai bugawa ya sa 9.5 da aya a kwamfutar da ke jiran 9,5 da waƙafi: ya zama rubutu, ɗalibin da ya faɗi ya samu A. Za ka gane irinsu da ido, domin lamba tana jingina da dama a gidanta, rubutu kuwa yana jingina da hagu. Amma ido na gajiya a aji mai yawa, gara fomular ta riƙa tsare ƙofa da kanta:

```
=SI.CONDITIONS(NON(ESTNUM(C2));"DUBA";C2>20;"DUBA";C2>=16;"A";C2>=14;"B";C2>=12;"C";C2>=10;"D";VRAI;"F")
```

Yanzu gida babu komai, ABS, 9.5 mai aya, da 155 da aka buga a maimakon 15,5, duk za su fito da DUBA. Waɗannan sunayen ka mayar wa makaranta su ba ka amsa a rubuce. Kar ka cike wa kowa maki da zato, ko da malamin ya faɗa maka ta waya yana sauri.

Akwai kuma maganar matsakaicin maki. Idan C2 lissafi ne ba bugawa ba, zai iya zama 9,996 a ciki, allo ya nuna 10,00, harafi ya fito F. Uba zai zo da takarda a hannu yana tambayar dalili, kuma yana da gaskiya. Ka tambayi darakta ko ana cika irin wannan. Idan ya ce eh, ka naɗe lissafin da ARRONDI(...;2) tun a C2.

To wacce za ka kama? Ba kwamfutarka kaɗai za ka duba ba, har da ta makarantar. SI.CONDITIONS ta shigo ne a Excel 2019 da Microsoft 365. Wanda ke da 2010 ko 2013 bai san ta ba. Idan aka buɗe fayil ɗinka a tsohon Excel, za a ga _xlfn. a gaban sunan fomular, kuma da an taɓa maki ɗaya sai #NOM? ta fito. Don haka idan takarda bugaggiya ko PDF za ka miƙa, kuma Excel ɗinka ya kai 2019, ɗauki SI.CONDITIONS. Idan kuwa fayil ɗin suke so a kile don su ci gaba da gyara, ni SI cikin SI zan ba su, tunda tana aiki a kowane Excel, kuma haruffa biyar ba su yi yawan da za ta rikice ba. Tsaron ƙofar ma yana shiga cikinta: ka fara da SI(ET(ESTNUM(C2);C2<=20); sannan tsohuwar fomular ba tare da = ba, ka rufe da ;"DUBA").

Kafin ka miƙa aikin, ka sa darakta ya rubuta maka iyakokin haruffan ya sa hannu, domin idan aka canza su bayan ka buga, sabon aiki ne da sabon kuɗin takarda da tawada. Sannan ka buɗe layuka na gwaji a ƙasan jerin, ka sa 20, 16, 15,99, 10, 9,99, 0, ABS da gida ɗaya babu komai. Abin da ya kamata ya fito shi ne A, A, B, D, F, F, DUBA, DUBA. Idan haka ya fito, ka goge layukan gwajin ka buga.