Asusun ajiya da ya yi shekara 6 ba a taɓa ba

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina da asusun ajiya a wani banki da na buɗe lokacin ina zaune Yamai, shekara 6 kenan ban sa ko dala ba ban cire ba, na bar wajen jikka 340 a ciki. Yanzu ina kasuwar hatsi nan Maraɗi kuma da wani banki daban nike aiki. Ya zan yi su rufe wancan su turo min kuɗɗina nan? Littahin yana hannuna.

Amsa: Alhaji kuɗɗinka suna nan, shekara 6 ba ta kai inda ake jin tsoro ba. A dokar UMOA, wato ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, sai asusu ya cika shekara 10 mai shi bai motsa shi ba sannan kuɗɗin ke barin hannun banki su koma wajen hukumar da ke ajiye irinsu, can ne biɗarsu ke zama wahala. Kai dai abin da za ka taras shi ne sun ɗaure asusun, ko ka je gishe ba za su ba ka komi ba sai sun tabbata kai ne.

To fara da wannan. Ka tahi reshensu na nan Maraɗi da littahin, da katin ɗan ƙasa wanda bai mutu ba, da fotokopi, ka ce a sabunta bayananka. Abin da ya fi maƙale mutane shi ne sa hannu, mutum ya yi wani ƙwarƙwasa a takarda yana saurayi, yanzu ya manta yadda ya yi, na'ura ta nuna wani abu shi ya zana wani. In haka ta faru kada ka yi ta gardama, ka ce a ba ka takardar canjin sa hannu. Galibi reshen nan zai karɓi takardunka ya aika ma na Yamai inda aka buɗe, amma ka tambaya tun ranar farko ko sai ka je da kanka, kada ka yi sati uku kana jira a banza.

Sai wasiƙa zuwa ga shugaban reshen, da faransanci ake yin ta, in ba ka iya ba wani ya rubuta maka amma kai za ka sa hannu. Nan ne nike son ka buɗe kunne: kada ka rubuta adadin kuɗɗi. In ka ce a tura jikka 340, wallahi 340 ɗin za su tura cif, asusun ya zauna a buɗe da saura a ciki. Asusun ajiya ana zuba mishi ruwa 3,5 cikin 100 a shekara, a kan kuɗɗinka kusan jikka 12 kenan duk shekara, shekara 6 ka ga an haura jikka 70 in lissahi ya tahi daidai. Ko kana cikin waɗanda ba su cin ruwan banki, wannan tsakaninka da malaminka ne, amma in ba a kwashe duka ba rufewa ba ta cika ba. Don haka wasiƙar ta ce abu biyu ƙarara, a rufe asusu lamba kaza, kuma a tura DUK abin da ya rage har da ruwan da ya taru zuwa ranar rufewa.

Wajen da za a tura, kada ka kwafo lamba da biro daga waya. Je bankinka na yanzu ka ce su ba ka RIB, takarda ce mai haruffa da lambobi 24 da ke farawa da NE, ka liƙa ta ga wasiƙar. Duba sunanka a bankunan biyu ya zama ɗaya, in can Mahamadu ne nan Mamman, ko asusun nan da sunan shago yake, ana iya tsaida turawar ko kuɗɗin su koma inda suka hito.

Rufe asusu kyauta ne, yana cikin ayyukan da babban bankinmu BCEAO ya ce bankuna su daina karɓar kuɗɗi a kai tun 2014, haka riƙon asusun littahin ajiya. Turawa zuwa wani banki daban ita ce ake biya, ka tambayi nawa ne kahin ka sa hannu. In ka ga ya yi tsada ka amshi kuɗɗin a gishe ranar rufewa ka kai da ƙafarka, ni dai da jikka 400 a aljihu ban son ratsa kasuwa, amma kai ka san garinka.

Wasiƙar ka yi ta kwafi biyu, su buga hatimi da kwanan wata a taka ka riƙe, ita ce shaidarka in takardar ta kwanta a tebur. In kuɗɗin sun shigo ka koma ka amshi takardar ƙarshe mai nuna sifiri da shaidar an rufe, ka gwada abin da ya hita can da abin da ya iso nan, bambancin ya zama kuɗin turawa kaɗai.