Kaji hamsin a ɗakin bayan gida: lissafin makonni shida

"Maigida, akwai ɗakin da ba kowa a bayan gidanmu a nan Katsina, mita 2 da mita 3. In na zuba kajin gidan gona na nama katan guda, wato 'yan tsaki hamsin, nawa zan kashe, nawa kuma zai rage mini?"

Ɗakin zai ɗauki hamsin ɗin, yarona, amma kada ka ƙara ko ɗaya. A zafin garin nan kaji takwas zuwa tara ne ke wadatuwa da murabba'in mita guda idan sun girma. Ka buɗe taga biyu masu kallon juna, ka sa musu raga, ka shimfiɗa ƙaiƙayin shinkafa mai kaurin yatsu huɗu a ƙasa.

Abinci ne ke cinye jarin, don haka da shi za mu fara. Kaza ɗaya tana cin kusan kilo huɗu da rabi kafin ta kai kilo 2 da 'yan kai a mako shida. Hamsin ke nan kilo 225, wato buhu tara mai kilo 25: uku na sitata, abincin 'yan tsaki, a makonni ukun farko, shida na finisha, abincin manya. Farashi yana motsi, to mu ɗauki buhu a naira 24,000, in ka je kasuwa sai ka gyara. Buhu tara 216,000 ne. Ɗan tsako a 1,300, katan 65,000. Rigakafi da magani ka ware 12,000, gawayi da ƙaiƙayi da ruwa da kuɗin mota 17,000. Jimilla 310,000. Ban sa mazubin ruwa da na abinci ba, tunda sau ɗaya ake sayensu.

Kada ka yi lissafi da hamsin. Ko a hannun gwani biyu ko uku kan mutu. A ce 47 sun kai, kowace ta tsaya maka a kan kusan 6,600. In ka sayar 8,000, ka tashi da 376,000, riba 66,000. In kasuwa ta tsaya a 7,000, ribar ta koma 19,000. Dubu ɗaya kacal aka rage maka a kan kowace kaza, ga inda ta kai ka.

Inda sababbin masu kiwo ke faɗuwa shi ne ranar sayarwa. Daga mako na shida kowace kaza tana cin kusan giram 180 a yini, wato kajinka suna gama buhu guda duk kwana uku. Naira 8,000 ke nan kullum. Ka riƙe su mako ɗaya kana jiran mai saye, 56,000 ta tafi, kuma dillalin da ke ɗaga kaza da hannu ba zai biya ka nauyin da ta ƙara ba. Shi ya sa tun suna mako huɗu za ka zagaya wurin masu gashi da gidajen abinci da masu biki, ku tsayar da farashi da rana. In Sallah kake nufi, ka ƙirgo kwana 42 baya ka zuba, ka kuma sani ɗan tsako yana tsada a lokacin. Bashi kuwa, ni ba na ba da kaza bashi.

Makon farko suna son ɗumi kamar digiri 33, kana ragewa da uku duk mako. Ba sai da ma'auni ba. In sun cunkushe a gindin kaskon gawayi suna kuka, sanyi ne. In sun watse jikin bango suna haki, zafin ya yi yawa. Gawayin ya ruru a waje kafin ka shigo da shi, ka bar kafar iska ko da hunturu ne, don hayaƙi na kashe su cikin dare.

Rigakafi a ruwan sha ake ba su: na cutar Gumboro suna da kwana 7 da 21, Lasota, na cutar Newcastle, suna da kwana 14 da 28, sai dai in masu ƙyanƙyasa sun ba ka nasu tsarin. Ka ɗauko shi cikin ƙanƙara, ka janye musu ruwa awa ɗaya da sassafe, ka haɗa da ruwan rijiya mai tsabta, su shanye kafin awa biyu. Ruwan famfo mai kulorin yana kashe maganin.

Kullum ka duba kashinsu. Jini a ciki, tare da saukar da fiffike, alamar cutar hanji ce da jiƙaƙƙen ƙaiƙayi ke haifarwa. Ka kwashe inda ya jiƙe, ka ɗaga mazubin ruwa daidai tsayin gadon bayansu, ka kai kashin ko gawar wurin likitan dabbobi a ranar.

Zubin farko kada ya zama manyansu za su faɗa a Afrilu ko Mayu. Kaza mai kilo 2 ba ta jure zafin bazara, kuma masu ƙiba ne ke fara mutuwa da la'asar. In dole ta sa, ka zuba 35, ka ɗauke abinci daga hantsi zuwa la'asar, ruwa mai sanyi kuwa kada ya yanke.