Lissafin kwanakin ɗaukar ciki: amsoshin wasiƙunku

*Anti, ina son tazara amma ba na son allura ko ƙwaya. Na ga wata manhajar waya da ake biya duk wata, wai tana nuna ranakun da ba a ɗaukar ciki. In saya?*

Ƙanwata, riƙe kuɗinki tukuna. Galibin manhajojin nan lissafin kalanda kawai suke yi, wanda biro da takarda za su yi miki. Ki rubuta tsawon zagayen al'adarki na wata 6 aƙalla, kina ƙirgawa daga ranar da kika fara ganin jini zuwa jajiberin na gaba. Ki cire 18 daga zagaye mafi gajarta, ki cire 11 daga mafi tsawo. Idan gajeren kwana 26 ne, dogon kuma 31, to daga rana ta 8 zuwa ta 20 za ki iya ɗaukar ciki. Kwana 13 ke nan da ke da maigida za ku haƙura, ko a sa kwaroron roba. Sun yi yawa ne saboda maniyyi yana rayuwa har kwana 5 a jikin mace yana jiran ƙwai, shi kuwa ƙwan ba ya wuce yini da kwana ɗaya.

Abin da ke ba ni haushi shi ne koren launin da wayar ke nunawa a ranakun da ta ce ba a ɗaukar ciki, mace ta gani hankalinta ya kwanta. Wayar ba ta san kin yi zazzaɓi ba, ba ta san kin yi doguwar tafiya ko kina cikin damuwa ba, alhali kowanne yana iya jinkirta fitowar ƙwai. Da watannin baya take hasashe. Masu tallar kuma adadin da ya fi daɗin ji suke faɗa, wato na waɗanda ba su taɓa kuskure ba. Ɗauki tsarin ƙaurace wa rana ta 8 zuwa ta 19, wanda aka yi wa masu zagayen kwana 26 zuwa 32: idan an bi shi sau da ƙafa, mata 5 cikin 100 ke samun ciki a shekara, amma a yadda mutane ke bi a zahiri 12 ne. Bambancin nan daren da aka ce “yau ɗaya dai ba komai” ne ke kawo shi. Duk mai sayar miki da abu bai faɗa miki adadi na biyun ba, aljihunki yake kallo.

*Ƙawata ta ce rana ta 14 kaɗai ake kiyayewa.*

Ƙawarki za ta yi miki rainon jaririn? Koma ki karanta amsar sama.

*Hajiya, ma'aunin zafin jiki na zazzaɓi da muke da shi a gida zai yi?*

Gara wanda ke nuna lamba biyu bayan ɗigo, kamar 36.45, domin zafin da ke ƙaruwa bayan ƙwai ya fito digiri 0.2 zuwa 0.5 ne kawai. Ki auna da kin farka, kafin ki sauko daga gado, a lokaci ɗaya kullum. Idan kika ga kwana 3 a jere sun ɗara 6 da suka gabace su, ƙwai ya wuce. Lura da kyau: labarin abin da ya riga ya faru yake ba ki, ba ya yi miki gargaɗi kafin lokacin. Rashin barci ko mura ma suna ɓata awon.

Shi ya sa ake haɗa shi da duba ruwan gaba. Bayan al'ada akwai bushewa, sai ruwa mai kauri ya biyo, sannan mai yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai. Tun daga danshin farko ake ƙauracewa, har zuwa yammacin rana ta 4 bayan ranar ƙarshe ta yauƙin. Duba ruwan shi kaɗai, da kulawa sosai, 3 cikin 100 ne ke samun ciki, amma a aikace yana haura 20, don maniyyin daren jiya ko ciwon sanyi na rikita gani. Haɗa biyun kuwa, a binciken da aka yi a Jamus kan mata 900 da aka koya musu sosai, kusan 2 cikin 100 ne.

*Anti, wata 8 da haihuwata, da tiyata, ina shayarwa, al'ada ba ta dawo ba. Tsoro nake ji.*

Sannu, 'yar'uwa, tsoronki na kan hanya. Kariyar shayarwa ta wata 6 na farko ce, kuma sai in nono zalla jariri ke sha. Yanzu ƙwai na iya fitowa kafin ki ga jinin farko, ga shi ba ki da zagayen da za ki ƙirga, tashin dare kuma ba zai bar awon zafi ya daidaita ba. Da ɗinki a mahaifa, kada ki dogara da lissafi. Ki je asibiti sashen tazarar haihuwa a makon nan, ki ce kina shayarwa, a yi miki gwajin ciki, a zaɓa miki abin da ba ya taɓa nono, kamar ashanar hannu ko robar mahaifa.