Idan estanal ya jefo tambayar da ba ki da amsarta

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Saura mako biyu in yi difens na furojet ɗina. Ni da zarar an tambaye ni abin da ban sani ba, sai kaina ya ɗauke, bakina ya mutu. Don Allah me zan yi ranar?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wallahi na ji miki, domin na san wannan tsayuwar. Maƙogwaro ya bushe, tafin hannu ya jiƙe har ya ɓata gefen takarda, ba ki jin komai sai ƙarar fanka, malamai biyar sun zuba miki ido. Abin da ya fi ciwo shi ne mai tambayar da zai jingina da kujera yana murmushi, ya ga ɗaliba ta rikice amma ya ƙara jefo wata a kai. Wasu ba amsa suke nema ba, so suke a san sun yi karatu. Allah ya kyauta. Amma yawancinsu abin da suke son ganewa ɗaya ne: ke kika yi aikin ko saya kika yi?

Ki shiga da biro a hannu. Ana fara tambaya ki sunkuya ki rubuta kalma biyu ko uku daga cikinta. Wannan zai ba ki daƙiƙa biyar ba tare da kowa ya ga kin yi shiru ba, kuma a nan za ki saki numfashi a hankali, don mai tsoro riƙe numfashi yake yi, shi ya sa murya ke rawa. Sai ki maimaita tambayar da bakinki: "Ranka ya daɗe, idan na fahimta, kana tambayar dalilin kaza ne?" Sau da yawa zai sake faɗinta cikin sauƙi, ki tarar ashe kin san rabinta.

Ga inda suka fi kama ɗalibai, babi na uku. A ce ma'aikatan da kika yi bincike a kansu 200 ne, kika yi amfani da lissafin Taro Yamane don fitar da samfur, wato adadin waɗanda za ki tambaya daga cikinsu, n = N / (1 + N(e)²), inda N ita ce 200 ɗin nan, kika sa e a 0.05, ya ba ki mutum 133. Sai estanal, wato malamin da aka gayyato daga waje ya duba aikinki, ya ce me ya sa 0.05, ba 0.01 ba? Ke kuma kwafa kika yi daga furojet ɗin bara. Kar ki ƙirƙiro dalili. Fara da abin da kika tabbatar: e ita ce kuskuren da aka yarda samfurin zai iya yi, 0.05 kuwa kashi biyar cikin ɗari ne. Idan aka rage ta, mutanen da za a tambaya ƙaruwa za su yi. Da 0.01 sai kin raba wa mutum 196 takardar tambayoyi, kusan kowa ke nan, da 0.1 kuma 67 kawai. Daga nan sai ki tsaya inda saninki ya tsaya: "Na bi abin da aka saba a binciken irin wannan ne, ban gwada shi da sauran ba, amma zan ƙara bayaninsa a gyara." Ki rubuta a gabansa. Duka bai fi rabin minti ba, kuma ki yi shiru bayan nan. Shirun nasu ne, ba naki ba ne ki cike.

Ƙarya ita ke kashe mutum a wurin. Kika yi shaci-faɗi, zai ce a wane shafi yake, ya buɗe littafin, daga tambaya ɗaya ta koma huɗu. Haka nan kar ki juya ki kalli sufabaizanki, kar kuma ki ce shi ya ce ki sa. Kin kunyata shi, kin kuma nuna ba ki san aikinki ba. Ni wannan na ɓata min rai, don wasu sufabaizan ba su zauna da ɗalibi ko sau uku ba, ranar difens kuma su sunkuyar da kai kamar ba su taɓa ganinsa ba.

Idan tambayar ta fita daga aikinki, kamar ke a ƙaramar hukuma ɗaya kika yi, ya tambaye ki jiha duka, buɗe babi na ɗaya ki nuna masa iyakar binciken, ki ce bayananki ba su kai can ba. Don haka ki liƙa 'yar takarda mai launi a shafin iyakar bincike, da na samfur, da kowane teburi na babi na huɗu. Amma kar ki fake da wannan fiye da sau ɗaya ko biyu, suna ganewa.

A mako biyun nan ki samu ƙawaye biyu su zaunar da ke kullum minti goma, ke a tsaye, su yi miki tambaya biyar, biyu daga ciki waɗanda suka san ba ki da amsarsu. Da Turancin da za ki yi ranar za ki amsa, da ƙarfi, har jimlar "ban duba wannan ba" ta daina yi miki nauyi a baki. Kuma don Allah ki karya kumallo kafin ki fita, ana iya barinku a baranda har azahar.