Me ya sa daftarin imel yake zama biyu, wani lokaci kuma ya ɓace?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina amfani da Gmail a waya, a kwamfutar ofis kuma ina buɗe shi ta manhajar Thunderbird. Idan na rubuta doguwar wasiƙa, sai in tarar da kwafi biyu ko uku a cikin Drafts. Makon jiya kuma na fara rubuta wata a waya, da na zo ofis ban same ta ba. Mene ne dalili, kuma ana iya dawo da ita? Daga wata malama a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Matsalolin biyu tushensu ɗaya ne, wato yadda manhajar imel take adana rubutu da kanta tun kafin a aika shi, don haka daga nan zan fara.

Yawancin mutane suna ɗauka cewa daftari takarda ce guda ɗaya da ake ta ƙara rubutu a kanta. A manhajoji irin su Thunderbird ba haka abin yake ba, domin suna magana da sabar Gmail, wato babbar kwamfutar da take ajiye saƙonninki a intanet, ta hanyar ƙa'idar da ake kira IMAP, kuma a wannan ƙa'ida saƙon da ya riga ya shiga sabar ba a gyara ko harafi ɗaya a cikinsa. Saboda haka duk lokacin da manhajar za ta adana abin da kika rubuta, aiki uku take yi a jere. Tana tura sabon kwafi cikakke zuwa foldar daftari da umarnin APPEND, sannan ta sa wa tsohon kwafin alamar \Deleted, daga bisani ta share shi da umarnin EXPUNGE. Kamar magatakarda ne da yake sake kwafe wasiƙa gaba ɗaya a sabuwar takarda duk lokacin da aka ƙara masa jimla, sai ya kammala sannan ya yaga tsohuwar. An tsara shi a haka da gangan, domin idan aka fara da sharewa sai sabis ya yanke, babu abin da zai rage miki.

Bari mu bi abin da yake faruwa a kwamfutarki daki-daki. Thunderbird tana zuwa ne da tsarin adanawa duk bayan minti 5. A ce kin fara rubutu da ƙarfe 9:00, kin kuma liƙa takardar PDF mai nauyin megabait 6. Da ƙarfe 9:05 kwafi na farko ya shiga sabar lafiya. Da ƙarfe 9:10 manhajar ta fara tura kwafi na biyu, kuma ba sabbin jimlolin kaɗai take turawa ba, wasiƙar ce duka har da takardar da kika liƙa, wadda take kumbura zuwa kusan megabait 8 saboda yadda ake juya fayil zuwa haruffa kafin ya shiga imel yana ƙara masa kusan kashi ɗaya bisa uku. Idan intanet ɗin ofis mai rauni ne, wannan turawa tana ɗaukar lokaci. To, a ce kwafin ya isa, amma kafin umarnin sharewa ya bi bayansa sai aka ɗauke wuta, na'urar intanet ta mutu. Yanzu sabar tana riƙe da kwafin 9:05 da na 9:10. Idan aka dawo da wuta kika ci gaba, adanawar da za ta biyo baya za ta share wanda ta gada kawai, ta bar na farkon a wurinsa. Idan sabis ya sake yankewa a irin wannan gaɓa, kwafin ya zama uku.

Alamar wannan matsala a fili take. Kwafin suna da take ɗaya, lokutansu sun bambanta da 'yan mintoci, kuma kowanne ya fi wanda ya gabace shi tsawo. Wanda ya fi kusa a lokaci shi ne yawanci cikakken, amma ki buɗe shi ki duba ƙarshensa kafin ki share sauran, musamman idan kin taɓa wasiƙar a waya ma. Dalili shi ne, idan daftari ɗaya yana buɗe a kwamfuta kuma kika gyara shi a waya, kowace na'ura tana adana abin da yake gabanta ba tare da sanin abin da ɗayar ta ƙara ba. A nan za ki iya samun kwafi biyu da kowanne yake da sakin layin da babu a ɗayan, ko kuma wadda ta adana daga ƙarshe ta danne aikin ta farko.

Akwai kuma abin da yake kama da kwafi biyu alhali ɗaya ne. Idan amsa kike rubutawa ga saƙon da aka aiko miki, Gmail zai nuna kalmar Draft da jan rubutu a jikin saƙon a Inbox, kuma zai nuna shi a Drafts. Abu ɗaya ne ake gani a wuri biyu, kuma idan kika jefar da shi a nan, ya tafi a can ma.

Gyaran da nake ba da shawara a kwamfutar shi ne ki shiga Account Settings, ki zaɓi Copies & Folders, ki tabbatar cewa wurin ajiye daftari shi ne foldar [Gmail]/Drafts, ba wata folda daban mai suna iri ɗaya ba. Sannan ki riƙa liƙa fayil a ƙarshe, bayan kin gama rubutu, domin kowace adanawa ta zama mara nauyi ta wuce da sauri. Wasu masu gyara suna cewa a kashe adanawar gaba ɗaya a sashen Composition. Ban goyi bayan wannan ba a inda wuta ba ta da tabbas, domin share kwafi biyu aikin daƙiƙa kaɗan ne, sake rubuta wasiƙar awa guda kuwa ba ƙaramin aiki ba ne.

Shafin Gmail na burauza da manhajarsa ta waya ba sa jiran minti 5. Suna adanawa ne jim kaɗan bayan kin ɗan dakata da rubutu, kuma a burauza za ki ga an rubuta Draft saved. Wannan rubutu shi ne shaidarki cewa abin ya isa sabar, don haka kada ki rufe shafin kafin ki gan shi. A waya kuwa manhajar tana fara ajiye daftarin a cikin wayar kanta, sai ta samu intanet sannan ta miƙa shi ga sabar.

Wannan ne ya sa nake kyautata zaton cewa wasiƙarki ta makon jiya ba ta ɓace ba, ta tsaya ne a waya. Idan data ta ƙare a lokacin da kike rubutu, ko kuma an kashe Sync Gmail a saitin akawun ɗin, kwamfutar ofis ba za ta gan ta ba har sai wayar ta miƙa ta ga sabar. Ki buɗe Drafts a wayar, ba a kwamfuta ba. Idan tana nan, ki fara kwafe rubutun ki ajiye a wani wuri, sannan ki kunna data ki ja shafin ƙasa da yatsa don ya sabunta. Ina gargaɗinki kada ki bari mai gyaran waya ya danna Clear data ko Clear storage a kan manhajar, kuma kada ki cire akawun ɗin daga wayar da nufin sake saka shi, domin dukkansu suna goge abin da bai riga ya isa sabar ba, kuma babu inda za a samo shi bayan haka.

Idan ba ta cikin Drafts na wayar, ki duba wurare uku. Na farko shi ne Outbox, inda saƙo yake zama idan an danna aikawa babu intanet, domin daga wannan lokaci ya daina zama daftari. Na biyu shi ne sauran akawun ɗin da suke kan wayar, tun da mai akawun na aiki da na gida yakan fara rubutu a ɗaya ya je yana nema a ɗayan. Na uku shi ne bincike a dukan akwatin, har da Trash da Spam. Ki tuna wata kalma da kika tabbata tana cikin wasiƙar, misali "kwamiti", ki rubuta haka a wurin bincike:

```
in:anywhere kwamiti
```

Idan ta fito a Trash, ki mayar da ita da wuri, domin Gmail yana share abin da ya kwana 30 a can.

Akwai yanayi biyu da ba na so in ba ki fata a kansu. Na farko shi ne danna Discard, wanda a burauza yake da hoton kwandon shara a ƙasan tagar rubutu, a waya kuma yana cikin ɗigo ukun da suke sama. Hoton kwandon yana yaudarar mutane, su ɗauka daftarin zai tafi Trash kamar sauran saƙonni, alhali Gmail yana share shi ne kai tsaye. A burauza kalmar Undo tana bayyana na 'yan daƙiƙoƙi, kuma idan ta wuce, ta wuce ke nan. Dabara ɗaya da takan yi aiki ita ce, idan a kwamfuta kika jefar da shi, ki yi maza ki sa wayarki a Airplane mode kafin ki buɗe Gmail, domin mai yiwuwa tsohon kwafin yana nan labarin sharewar bai iso ba tukuna. Sai ki kwafe rubutun kafin ki mayar da sabis. Wannan dabara ta mintocin farko ce, ba za ta yi amfani ga abin da ya kwana bakwai a wayar da take da data ba.

Na biyu ya fi ban takaici, domin adanawar ce da kanta take jawo shi. Idan hannunki ya zaɓi dukan rubutun bisa kuskure kika danna wani harafi, wasiƙar za ta koma harafi ɗaya, kuma manhajar ba ta bambanta gyara da ɓarna, za ta adana wannan harafin a madadin abin da yake can. Muddin tagar tana buɗe, Ctrl+Z a kwamfuta zai dawo da rubutun. Da zarar an rufe ta kuwa, Gmail ba ya ajiye tarihin sauye-sauyen daftari. Shi ya sa wasiƙar da za ta ɗauke ki fiye da zama ɗaya, kamar rahoton kwamiti ko takardar neman aiki, gara ki rubuta ta a Google Docs, wanda yake da Version history da za ki koma ki ɗauko rubutun jiya ko na shekaranjiya, sai kin gama sannan ki kwafo ta zuwa tagar imel, ki sa adireshin wanda za a aika wa daga ƙarshe.