Hoton katin awon yaro a waya: tambayoyinku

Tambaya daga wata ma'aikaciyar lafiya a Ringim: An turo min hoton katin awon wani yaro ɗan shekara ɗaya ta WhatsApp. Ɗigon ƙarshe kilo 7.8 ne, yana saman jan layi. In ce wa uwar ba matsala?

Malama, dakata tukuna. Na san irin hoton nan: an matso da waya an ɗauko ɗigo ɗaya, an yanke watannin da ke ƙasan katin da kilon da ke gefensa. Kuna ɗaukar hoton biki har takalmi ya fito, amma katin yaro sai a guntule shi! A sake ɗauka. A shimfiɗa katin a ƙasa, a ɗaga wayar daidai samansa, kusurwa huɗu su fito. In aka ɗauka a karkace, layukan kan jirkice, ɗigon wata 11 ya zama kamar na wata 12. Ki kuma duba katin namiji ne, domin layukan mata daban suke.

Sai ki bi ɗigon tun daga baya. A jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006, yaro namiji ɗan wata 6 tsakiyar nauyinsa kilo 7.9 ne, ɗan wata 12 kuwa 9.6, jan layin -2 na wata 12 yana kan 7.7. A ce yaron naki 7.6 yake a wata 6, 7.7 a wata 9, yanzu 7.8. Da yana dab da koren layin tsakiya, yau kuma giram 100 ne ya raba shi da ja. Wata shida ke nan yana kwance alhali layukan na hawa. Wannan yaro girmansa ya tsaya, ko da bai tsallake layi ba.

Hoto kuma ba ya nuna kumburi, ga shi kumburin ƙafa yana ƙara nauyi a sikeli. Ki je ki gan shi, ki danna bayan ƙafafunsa biyu na daƙiƙa uku, ki auna damtse. In yatsa ya bar rami a duka biyun, ko damtsen bai kai santimita 11.5 ba, tamowa ce mai tsanani, a tura shi asibiti ranar. Ko ya wuce haka, ki tambayi abinci, zawo da zazzaɓi.

Daga Bichi: Lambobin ba sa karantuwa in na buɗa hoton.

WhatsApp ne ke matse shi. A turo ta Document. A kuma goge gilashin kyamara, maiƙon ƙosai ne.

Daga Gumel: Wani farin haske yana rufe tsakiyar katin.

Malam, kashe fitilar kyamara, cire katin daga leda, ka ɗauka a inuwar zaure.

Daga Dambatta: Zan iya sa hoton a zauren WhatsApp na ma'aikata?

Rufe sunan yaro da na iyayensa da takarda kafin ka ɗauka, amma ka bar ranar haihuwa, da ita ake ƙirga cikakkun watanni.