Kada ki sayi Jupyter a filashi

*Malam, ina aji biyu a jami'a, ina son koyon nazarin bayanai. Kwamfutata ta hannu ce, RAM 4GB. Wani mai shago ya ce ba za ta ɗauki Jupyter ba sai na canza, in kuma na nace zai zuba min daga filashinsa in biya. Kuɗin ba ni da su. Ɗaliba, Samaru.*

'Yata, kwantar da hankalinki. Kwamfutarki ta isa. Jadawalin da mai koyo yake fara wasa da shi, layi dubu goma ko ashirin, ba ya gajiyar da 4GB, muddin ba ki buɗe shafuka barkatai a burauza ba.

Maganar filashin ce ta ɓata min rai. Jupyter, manhajar da ake rubuta lamba a ga sakamako nan take, kyauta ne, Python, harshen da ake rubuta lambar da shi, kyauta ne, babu sisin kwabo a kansu. Filashin da ya shiga kwamfuta ɗari tsakanin PZ da Kongo a Zariya kuwa, Allah kaɗai ya san abin da ya kwaso. Sau da yawa tsohon Anaconda ne a ciki, wato kunshin da ya haɗa Python da Jupyter, ga ƙwayar cuta gyara. Ɗalibi zai hana kansa abincin rana ya biya, bayan mako biyu fayilolin aikinsa su ɓace, ya koma wurin mutumin nan ya sake biyan kuɗin gyara. Wannan zalunci ne, kuma rashin tambaya ke jawo shi. Ko Anaconda na gaske ban ba ki shawararsa ba: saukar da shi kaɗai zai cinye miki data kusan 1GB, ya mamaye faifai da ɗaruruwan kayan da ba ki buƙata yanzu.

Ki shiga python.org ki sauke Python, bai kai 50MB ba. A shafin farko na sakawa, ki danna akwatin Add python.exe to PATH kafin komai. Daga nan ki buɗe Command Prompt ki rubuta:

```
python -m pip install notebook pandas matplotlib openpyxl
python -m notebook
```

Idan aka ce miki ba a san python ba, ko Microsoft Store ya buɗe da kansa, akwatin nan kika tsallake, sai ki sake sakawa. In komai ya tafi daidai, burauza za ta buɗe a localhost:8888. Ganin burauza kada ya tsorata ki, ba data take ci ba, aikin a cikin kwamfutarki yake gudana. Amma baƙar tagar nan ki bar ta a buɗe, ita ce injin. Kina rufe ta komai ya tsaya.

Ki fara da abin da kika sani. Rubuta farashin buhun masara na 'yan watanni a Excel, ginshiƙi biyu, wata da farashi, ki adana shi da suna masara.xlsx a jakar da Jupyter ya nuna miki a burauza, sannan ki danna New ki buɗe sabon littafi a nan, ki rubuta wannan a akwatin farko:

```python
import pandas as pd
df = pd.read_excel("masara.xlsx")
df.groupby("wata")["farashi"].mean()
```

Danna Shift da Enter tare, matsakaicin farashin kowane wata zai fito. In kika ga FileNotFoundError, fayil ɗin yana wata jaka daban. In gobe kika buɗe kika ga NameError, babu abin da ya lalace: injin ya manta df ne da aka kashe shi, sai ki sake gudanar da akwatunan daga sama.

*Abokaina sun ce sai da MacBook ake wannan harka. In sayar da babur ɗina? Matashi, Tudun Wada.*

Haba, malam! Ka rubuta layi ɗaya tukuna? Bar babur ɗinka inda yake. In dole sai ka saya, nemi ta hannu mai RAM 8GB da faifan SSD, kuma kada ka yarda da takardar da aka manna a jikinta. A gaban mai shagon ka buɗe Task Manager, ka shiga Performance, ka gani da idonka. Sannan batir, don ka san halin wutarmu. Rubuta `powercfg /batteryreport` a Command Prompt, ka buɗe rahoton, ka gwada FULL CHARGE CAPACITY da DESIGN CAPACITY. In na farkon bai kai rabin na biyun ba, ajiye masa abarsa. Mai Windows 7 ma kada ka taɓa, domin daga Python 3.9 aka daina tallafa masa.

*Waya kawai gare ni. Colab zai yi? Malamin makaranta, Sabon Gari.*

Zai yi don ɗanɗano, malam. Colab irin Jupyter ne na Google, a burauza yake aiki, kuma pandas na ciki tun asali. Sai dai ba ya motsi sai da intanet, rubuta lamba a allon waya akwai wahala, kuma fayil ɗin da ka ɗora yana gogewa idan zaman ya ƙare. Ka riƙa ajiye bayananka a Google Drive kana janyo su daga can.